Rurin janareta a cikin hira: yadda ake ɗaukar samfurin ƙara a rage ta

Duk wanda ya taɓa naɗar hira a Kano, Kaduna ko Maiduguri ya san baƙon da ba a gayyata ba. An zauna, an kafa makirufo, mai magana ya fara zuba, sai a ɗauke wuta, maƙwabci ya ja igiyar janareta. A lokacin kunne ba ya damuwa, domin ƙwaƙwalwar mutum ta iya ture ƙarar da ta saba da ita ta bi muryar da take so. Makirufo ba shi da wannan baiwar. Abin da ya iso shi duka yake kwasa, kuma sai an koma gida an sa iyafis ake jin cewa tun daga sallama har zuwa godiya akwai ruri a ƙarƙashin kowace kalma.

Ana iya rage wannan rurin, kuma ba sai an kashe ko sisi ba. Hanyar da aka fi bi ita ce a nuna wa kwamfuta ɗan wurin da babu komai sai ƙarar janaretan, ta auna shi, sannan ta bi hirar tana danne duk abin da ya yi kama da shi. Wannan ɗan wurin shi ne samfurin ƙara. Manhajar da zan yi bayani da ita ita ce Audacity, wadda Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg suka fara a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, ta fito a shekarar 2000, kuma har yau kyauta ce. Masu aiki da Adobe Audition za su samu irin wannan dabarar da sunan Capture Noise Print. Aikin duk ɗaya ne.

Me ke cikin rurin?

Wutar lantarki a Najeriya da Nijar da Gana tana kai da komo sau 50 a kowace daƙiƙa, abin da ake rubutawa 50 Hz. Domin ƙaramin janaretan fetur ya ba da irin wannan wutar, dole injinsa ya yi juyi 3000 a minti ɗaya, wato juyi 50 a daƙiƙa. Manyan janaretocin dizal yawanci juyi 1500 suke yi. Tun da injin yana gudu da sauri guda, ƙararsa ma tana tsayawa a kan amo guda. Amma ba amo ɗaya tilo ba ne. Bayan na ƙasa akwai ninkinsa: 100, 150, 200, 250, har sama. Injin fetur mai silinda ɗaya da ke tashin wuta sau ɗaya a juyi biyu yana ƙara wani bugun a 25 Hz da nasa ninke-ninken. A kan waɗannan kuma akwai hucin salansa da kakkarwar ƙarfe da kwano.

Matsalar ita ce muryar mutum a wannan unguwar take zaune. Gindin muryar namiji yana tsakanin 85 da 180 Hz, na mace tsakanin 165 da 255. Ke nan ninki na biyu da na uku da na huɗu na rurin janareta sun faɗo daidai inda kaurin murya yake. Shi ya sa ba a iya datse ƙasan sautin gaba ɗaya a huta. In an yi haka dattijo mai murya cike da baki sai ya dawo siriri kamar yana magana ta tsohuwar wayar tarho.

Kafin a taɓa kwamfuta, ya kamata a san ta ina rurin ya shigo. Wani ta iska yake zuwa, makirufo ya ji shi kamar yadda kunne ya ji. Wani kuma ta waya yake bi: rikoda ko kwamfuta na jone da caja, cajar na jone da wutar janareta, sai wani zuuu ya hau kan sautin ko da janaretan na can nesa ba a jin sa. Gwajin ba wuya. A sa iyafis, a zare cajar. In zuuu ɗin ya ɓace, to an gama, a yi hirar da batir. Wanda ya shigo ta iska shi ne sauran maganarmu.

Yadda kwamfuta ke amfani da samfurin

Audacity tana yanka sautin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ba ta kai kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa ba, sannan ta raba kowace gunduwa zuwa layukan amo sama da dubu, daga mafi kauri zuwa mafi siranta. A ɗauki kowane layi a matsayin ƙofa mai nata mai gadi. Lokacin da aka ba ta samfurin, tana rubuta wa kowane mai gadi iyakar ƙarfin da ƙarar janareta ke kaiwa a ƙofarsa. Da aka sake mata hirar, duk sautin da ya iso ƙofa bai wuce wannan iyakar ba, a janyo ƙofar a rage shi. Wanda ya wuce iyakar, a ce murya ce, a bar shi ya shige.

Daga nan abubuwa biyu suke fitowa, kuma duk wanda ya riƙe su ya san rabin aikin. Na farko, kwamfutar ba ta san janareta ba, ba ta san mutum ba. Abin da aka nuna mata a samfurin shi ne ƙara a wurinta. In numfashin mai magana ya faɗa ciki, ko wutsiyar kalmarsa ta ƙarshe, za ta bi hirar tana farautar murya. Na biyu, ba ta cire rurin daga cikin muryar. Idan murya ta buɗe ƙofa, rurin da ke wannan layin yana shigewa tare da ita, sai dai muryar ta fi shi ƙarfi ta lulluɓe shi. Inda ake samun sauƙi na sosai shi ne tsakanin kalmomi da kuma layukan da muryar ba ta taɓa ba a wannan lokacin.

Samfurin a wurin hira ake samunsa

A ganina nan ne yawancin mutane ke yin asara, tun kafin su buɗe manhaja. Ɗan jarida ya danna rikoda yana cikin cewa "Assalamu alaikum masu saurare," ya kashe ta da zarar an ce "mun gode." Da ya zo gyara sai ya rasa ko daƙiƙa ɗaya da babu magana a cikinta.

Audacity tana karɓar samfuri gajere ƙwarai, wajen kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa. In ya gaza haka sai ta ce ya yi gajarta. Amma karɓa daban, amfani daban. Rurin janareta yana ɗan hawa da sauka, kuma guntun samfuri ba ya kama wannan. Daƙiƙa uku zuwa biyar na tsabtataccen ruri sun wadatar, kuma don a same su ana naɗar shiru na daƙiƙa ashirin ko talatin, saboda a cikinsu wani zai yi tari, akuya za ta yi kuka, babur zai wuce.

Shirun nan yana da sharaɗi. Makirufo ya tsaya daidai inda yake lokacin hira, yana fuskantar inda yake fuskanta. Ƙarfin naɗi kada a taɓa shi. Ƙofa da taga su zauna yadda suke, fanka in tana juyawa ta ci gaba da juyawa. Mutanen da ke ɗakin su ma su zauna a wurarensu. Ba wani abin kunya ba ne a ce wa wanda ake hira da shi, "Baba, don Allah mu ɗan yi shiru na rabin minti, injin ne nake so na'urar ta ji." Dattawa sukan yi dariya, amma suna yin shirun. A yi a farko, a sake yi a ƙarshe, kuma duk lokacin da kunne ya ji muryar janaretan ta sauya, a ɗan dakata a sake.

Muryar janareta tana sauyawa ne in kaya ya hau kansa. Firiza ta tashi, ko an kunna injin jan ruwa, ko tela ya sa dutsen guga: injin ya ɗan durƙusa, ya ƙara shan mai, rurin ya yi kauri ya kuma ƙara ƙarfi. Samfurin da aka ɗauka kafin wannan ba zai dace da abin da ya biyo baya ba.

Masu naɗa da wayar hannu suna da wata damuwa ta daban. Wayoyi da yawa suna daidaita ƙarfin naɗi da kansu: in an yi shiru su ɗaga, in an fara magana su sauke. Sakamakon shi ne rurin da ke cikin shirun ya fi wanda ke ƙarƙashin magana ƙarfi, samfurin ya yi wa kwamfuta ƙarya, ita kuma ta ci murya. Ana gane wannan da ido: a wurin shirun, zanen sautin yana kumbura a hankali. In akwai hali a kashe wannan tsarin a manhajar naɗi. In babu, a ɗauki samfurin daga farkon shirun, kafin ya kumbura. Sannan a naɗa a WAV in wayar ta yarda. Hirar da aka turo ta saƙon murya na WhatsApp an riga an matse ta, rurin ya cakuɗe da kurakuran matsewar, kuma gyaranta ba ya kyau kamar na asali.

Mu bi hira guda daga farko

A ce an yi hirar minti ashirin da wani dattijon ɗan kasuwa a shagonsa a Kantin Kwari. Janaretan maƙwabci yana bayan bango. Muryar dattijon tana kaiwa wajen -12 dB a ma'aunin Audacity, rurin kuma yana zaune a -36 dB. A wannan ma'aunin sifili ne ƙololuwa, kuma duk ragin 6 dB rabin girman sautin ne. Tazarar 24 dB ke nan tsakanin murya da ruri: ana jin magana sarai, amma rurin yana gajiyar da kunne. Irin wannan hirar tana gyaruwa.

Da farko a ajiye kwafin asali a wani wuri, kada a taɓa shi. Kada kuma a fara da yanke shiru da "eh to" da gyaran murya, domin a nan samfurin yake.

A zaɓi wurin shirun, a buɗe Plot Spectrum a ƙarƙashin Analyze, a ɗaga Size zuwa 8192 ko sama, a sa Axis a kan Log frequency. Za a ga zane mai tsini-tsini. A misalinmu akwai babban tsini a 50 Hz, wani a 100, ƙarami a 150. Wanda ke 50 yana ƙasa da muryar dattijon, saboda haka babu dalilin ɗora wa samfuri nauyinsa. A zaɓi hirar duka, a sa High-Pass Filter a 80 Hz da gangaren 24 dB. Wannan kaɗai yakan kwashe gurnanin da ake ji a ƙirji. In murya ta mace ce ana iya hawa zuwa 100. Tsinin 100 Hz kuwa, in ya tsaya wuri ɗaya, ana iya soke shi da Notch Filter, a rubuta 100, a ɗaga Q zuwa wajen 10 domin yankan ya zama siriri. Sai dai janareta ba wutar gwamnati ba ce, gudunsa yana yawo. In gindin ya motsa da 2 Hz, ninki na huɗu zai motsa da 8, ya fice daga siririn yankan. Don haka ba na son jera irin wannan yankan biyar ko shida. Ɗaya ko biyu na ƙasa sun isa.

Yanzu ne za a ɗauki samfurin, bayan an yi waɗannan tacewar, domin ya zama hoton ƙarar da ta rage. A ja layi a kan daƙiƙa huɗu na shirun, a saurare su da iyafis da ƙarfi sau biyu ko uku. Babu numfashi, babu motsin kujera, babu mai tallar ruwa daga nesa. A nisanci gefen kalma da aƙalla rabin daƙiƙa, saboda amsa-kuwwar ɗaki tana jan wutsiyar murya fiye da yadda ake zato. Sai a bi wannan hanyar:

```
Effect > Noise Removal and Repair > Noise Reduction > Get Noise Profile
```

A tsofaffin fitowar Audacity, Noise Reduction yana nan kai tsaye a ƙarƙashin Effect. Da an danna, tagar za ta rufe kamar ba a yi komai ba. An yi; samfurin yana cikin ƙwaƙwalwarta, kuma zai zauna har a ɗauki wani ko a rufe manhajar. A zaɓi hirar duka da Ctrl+A, a sake buɗe tagar. Lambobi uku ne a ciki, ga inda zan fara:

```
Noise reduction (dB): 9
Sensitivity: 6.00
Frequency smoothing (bands): 3
```

Ta farko ita ce yawan dannewar da za a yi wa abin da aka yanke wa hukuncin ƙara. Tana kaiwa har 48, amma a hira da wuya a wuce 12 ba a ji ɓarna ba. Ta biyu ita ce tsananin masu gadin: in an ɗaga ta, abubuwa da yawa za su zama ƙara a wurinsu, har da raunanan sassan murya, in an sauke ta da yawa, ɓurɓushin ruri zai riƙa kuɓucewa nan da can. Ta uku tana baza dannewar zuwa layukan da ke maƙwabtaka, ta rage tsalle-tsallen ƙofofin. Ga magana, 3 zuwa 6 yana yi.

Kafin a danna OK akwai gwajin da ya fi kowane muhimmanci. A ƙasan tagar akwai zaɓi biyu, Reduce da Residue. A zaɓi Residue, a danna Preview. Abin da za a ji shi ne abin da kwamfutar ke shirin zubarwa. In ruri ne zalla, madalla. In ana jin inuwar maganar dattijon har ana iya tsintar kalmomi, to muryarsa ce ke tafiya kwandon shara: a sauke Sensitivity zuwa 4 ko 5, ko a koma a nemi samfuri mafi tsabta. Ɗan motsin murya da ba a gane kalmominsa kusan dole ne a ji shi, ba abin tayar da hankali ba ne. In an gamsu a mayar da zaɓin kan Reduce. Mantawa da wannan yana barin mutum da fayil ɗin da babu komai cikinsa sai janareta, amma Ctrl+Z yana dawo da shi.

A misalinmu, tacewar farko da dannewar 9 dB sun kai rurin ƙasa da -45 dB a tsakanin kalmomi. Yana nan ga wanda ya kasa kunne, amma ya koma baya. A minti na goma sha biyu firizar maƙwabci ta tashi, rurin ya yi kauri na minti uku. Wannan yankin a keɓe shi tun farko, a nemi inda dattijon ya tsaya tunani a cikinsa, ko da daƙiƙa ɗaya ce, a ɗauki sabon samfuri, a gyara shi shi kaɗai. Sai bayan an gama duk wannan ake ɗaga ƙarfin sautin ko a daidaita hawa da saukar murya. In an fara da daidaitawar, rurin zai riƙa hawa da sauka tare da ita, kuma babu samfuri guda da zai dace da shi.

Alamomin an wuce gona da iri

Ɓarnar tana da kamanni uku da kunne ke saurin koya. Akwai wata 'yar ƙara mai ƙyalƙyali, kamar ƙananan ƙararrawa ko ruwa na ɓulɓula a bayan magana. Tana fitowa ne in ƙofofin suna buɗewa suna rufewa barkatai, kuma maganinta a ɗan ɗaga Sensitivity ko Frequency smoothing, ko a rage yawan dannewar. Akwai muryar da ta zama kamar daga cikin rijiya, babu kauri. Wannan dannewa ce ta yi yawa. Akwai kuma rurin da ke tasowa tare da kowace kalma ya mutu da zarar an rufe baki. Wannan na ƙarshen ya fi rurin asali ban haushi, domin kunne yana mantawa da ƙarar da ke tsaye, amma ba ya mantawa da mai zuwa tana tafiya.

A maganar Hausa, sassan da ke fara lalacewa su ne raunanan baƙaƙe irin su f da h da s da sh, da kuma ƙarshen jimla, inda murya ke gangarowa ƙasa ta yi sanyi. Dattijo in ya kai ƙarshen zance yakan sassauta, kuma wannan gaɓar ta ƙarshe ita ce ke faɗawa ƙasa da iyakar mai gadi a haɗiye ta. Saboda haka in ana gwaji, kada a zaɓi inda mai magana ya ɗaga murya. A je inda ya fi yin ƙasa-ƙasa, a saurari ƙarshen jimlolinsa. A saurara da iyafis, sannan a sake saurara ta lasifikar waya, tun da ta nan yawancin mutane za su ji. Lasifikar waya ba ta fitar da amon 50 Hz kusan sam, amma ƙyalƙyalin nan tana tona shi.

Wasu suna maimaita gyaran sau biyu da ƙananan lambobi, 6 da 6, maimakon 12 lokaci ɗaya. Yakan yi amfani, da sharaɗin a ɗauki sabon samfuri kafin zagaye na biyu, domin ƙarar da ta rage ba irin ta farko ba ce.

Inda dabarar ta tsaya

Samfuri yana aiki ne a kan ƙara mai tsayuwa. Hon ɗin mota, kukan yaro, kiran sallah daga masallacin unguwa, buga ƙofa, babu ruwansa da su. Janaretan da ke tari yana neman mutuwa don mai ya ƙare shi ma ya fita daga lissafi. Haka kuma in rurin ya kusa kamo muryar, a ce tazarar ba ta wuce 10 dB ba, duk lambar da aka sa sai dai a zaɓi tsakanin ruri da gurguwar murya. Irin wannan hirar gara a rage kaɗan, a gaya wa masu saurare cewa an naɗe ta a kasuwa, ko a rubuta maganar a ƙasan hoto in bidiyo ne.

Tazarar nan a wurin hira ake sayenta, kuma da arha. Duk lokacin da aka rage nisan makirufo daga baki da rabi, murya tana ƙaruwa da wajen 6 dB, rurin kuwa yana nan yadda yake, tun da janaretan bai matso ba. Wayar da aka ajiye a kan tebur santimita 60 daga bakin dattijon, in aka ɗago ta zuwa santimita 15, an samu 12 dB, daidai da abin da Audacity ke iya bayarwa kafin ta fara cin murya. A riƙe ta ɗan gefe da baki domin iskar b da f kada ta buge ta, a sa mai magana ya zauna ta yadda makirufo zai ba janaretan baya, kuma in a shagon yadi ne a matsa kusa da tarin atamfa, nesa da bangon da injin ke jingine da shi.